Inda Wayar Shiyya ta Huɗu Ta Bi

Mai Ƙararrawa bai je asibitin wankin ƙoda don aiki ba ran nan. Matarsa ya kai, kamar yadda ya saba, ya riƙe mata jaka da bargo har aka kwantar da ita aka jona ta da inji. Sana'arsa gyaran na'urar gargaɗin gobara ce, daga nan sunan ya bi shi, amma a wannan gidan mijin mara lafiya ne kawai, mai zaman benci. Ya fito zai zauna ke nan Sista, babbar nas ɗin wurin, ta kamo hannun rigarsa.

"Malam, kayan aikinka suna mota?"

"Kullum suna ciki. Lafiya?"

Ta ja shi zuwa bakin ƙofar tsohon ɓangare, inda fanel, akwatin ƙarfen da ke lura da na'urorin gargaɗin gobara, yake manne a bango. A fuskarsa an liƙa filastar ciwo, irin wadda ake sa wa mutum bayan allura. Ta ɓare ta, sai ga fitila rawaya tana ci a ƙasan lamba huɗu.

"Sista, wa ya yi wa fanel jinya?"

"Ni ce. Ya dame mu da tsuwa, na danna maɓallin shiru, fitilar kuma tana tsorata marasa lafiya. Kada ka kalle ni haka, na sani." Muryarta ta yi ƙasa. "Jami'in kashe gobara ya zo da safe, shi ya fara ɓare ta. Tun gobarar da aka yi a wani asibiti ba sa ɗaga ƙafa. Ya ce zai dawo kafin a tashi aiki. In ya tarar da fitilar tana ci, zai rufe ɓangaren nan har sai an gyara an sake neman izini. Kamfanin da ke duba mana sun ce sai mako mai zuwa."

Injinan wanki duk a tsohon ɓangare suke. Ɗaya asibitin da ke irin wannan aikin yana can nesa, layinsa kuma ya fi na ruwa a rani, shi da kansa ya taɓa bin sa ya gaji. Ya san yadda matarsa take komawa in aka tsallake mata wanki: ƙafa ta kumbura har silifa ya ƙi shiga, numfashi ya gajarce, ta kwana a zaune tana jan iska kamar mai shan kunu da tsinke. Jibi ne wankinta na gaba. Ya fita da gudu ya ɗauko akwatin kayan aiki da tsani.

Fanel iri biyu ne a gidan. Na sabon ɓangare, inda ofisoshi suke, mai adireshi ne. Wayarsa tana fita ta zagaya ta dawo masa kamar zobe, kowace ditekta, wato farar kwanon nan da ke silin tana sansanar hayaki, tana da lambarta. Fanel yana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar malamin aji, suna amsawa, wadda ta yi shiru ya rubuta lambarta da ɗakinta a gilashi. Shi kuwa na tsohon ɓangare bai san kowa da suna ba. Shiyya kawai ya sani. Waya biyu suke fita su bi ditektoci a jere, a gindin ta ƙarshe a ɗaura wata 'yar razista da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Fanel yana tura 'yar wuta, muddin ta ratsa razistar ta dawo ya san hanya lafiya take har ƙarshe. In ba ta dawo ba sai ya kunna rawaya ya ce shiyya kaza, daga nan bakinsa ya mutu. Mai Ƙararrawa yakan ce tsohon fanel kamar kaka ne da aka ce wa wani jikanta ba shi da lafiya: ta san gidan, ba ta san ko wanne ba ne, sai kuka.

Ya buɗe tsohon fanel, ya cire wayoyin shiyya ta huɗu ya sa musu mita. Babu razista, babu komai. Hanya a yanke take.

"To a ina?" in ji Sista.

"Shi ne abin da ba ya faɗa."

"Na can yana faɗa. Ran nan har ya ce mana ɗakin shayi. Ka jona wannan da wancan mana!"

"Waɗannan ditektocin bebaye ne, Sista, ba su da lambar da za su amsa. Ko an kawo abin da zai haɗa su, wayar da ta yanke tana nan a yanke. Akwai zanen ginin?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ginin ya girme ta, in ji ta, an yanka shi an ɗinke ya fi a ƙirga.

Ya mayar da wayoyin ya ɗauki tsani. Dabarar ɗaya ce, ta raba biyu: ka je tsakiyar layi ka murɗe kan ditekta ka auna gindinta. In wuta ta iso, yankewar tana gaba, in ba ta iso ba tana baya. Sai ka sake raba abin da ya rage. Amma sai ka san jerin kafin ka san tsakiya, shi kuwa hasashe yake. Ya hau a ɗakin magani, wuta ta iso. Ya hau a sito, tsakanin jarkokin ruwan wanki, ta iso. Ya hau a ɗakin wanke hannu, ashe wannan ta shiyya ta uku ce, ya tayar da wata rawayar a banza har Sista ta yi salati daga nesa. Gumi ya jiƙa masa riga. Kowace ditekta ya murɗe sai ƙura ta zubo masa a ido, a ɗaya ma har da busasshiyar tsaka da ta mutu a naɗe kamar zobe, ya tsaya yana kallonta a tafin hannu kafin ya tuna abin da ya hau yi.

Ta ƙarshen baranda tana da wuta. Daga nan sai ɗakin wanki.

Ya shiga da tsani a hankali, yana ba marasa lafiya haƙuri. Injina suna ta juyi, jini yana tafiya a siraran robobi yana dawowa. Ditekta biyu ce a ɗakin. Ta farko babu wuta. Ta biyu tana daidai saman gadon matarsa, wanda ke jikin bango. Ya murɗe ta, ga razista nan zaune a gindinta lafiya lau, ja da rawaya a jikinta kamar 'yar tsakiya. Wuta kuwa ko ɗigo.

"Injiniya," in ji matarsa daga ƙasa, da muryar da inji ya tsotse, "kana zubo mini ƙasa tun ban mutu ba?"

"Uwargida, bar wannan wasan."

"To me ka gani ka yi fuskar shanu?"

"Ba komai. Yi barcinki."

Ashe tun ranar da aka liƙa filasta ɗakin nan ba shi da hanci. Mutane a ɗaure da injina, ba mai iya tashi ya gudu sai an kwance shi, ga tukwanen iskar numfashi a lungu.

Yankewar tana tsakanin baranda da ɗakin wanki, tazarar da ba ta kai tsawon mota biyu ba. Sai dai silin ɗin kankare ne, wayar tana cikin bututun ƙarfe da aka binne tun ana zuba ginin. Ya ja ta ta nan, ya ja ta can, ko motsi. Ya ce to a ja sabuwa ta waje. Ya zazzage akwatinsa, jar waya mai jure wuta da ya samu guntuwa ce, ba za ta kai ko rabi ba. Ya buga wa mai shagon da yake saye, aka ce ta ƙare sai an kawo. Ya buga wa wani abokin sana'a, yana wani gari. Ko da ma an samu, in ji Sista, ba a huda bango mutane suna kan inji da jijiya a buɗe, sai an sallami kowa, lokacin kuwa jami'i ya zo ya tafi.

Rana ta karkata. Inuwar tagar baranda ta hau bango.

Ya tsaya gaban fanel, hannunsa a aljihun akwatin kayansa inda yake tara razistoci. Kowa a sana'ar ya san abin, ba a dai faɗa. Ka ɗaura razista a bakin shiyyar nan cikin fanel, wuta ta fita ta dawo a tazarar ɗan yatsa, kaka ta ɗauka jikokinta duk lafiya. Ya sha zagin masu yin haka a gaban almajiransa na aiki. Yanzu ga shi yana lanƙwasa ƙafafun razista da filaya, har ta kuɓuce ta faɗi ƙasa ya durƙusa yana lalube. Ya ce wa kansa na kwana biyu ne. Ya ce wa kansa da ma ɗakin a haka yake tun tuni, bai ƙara masa komai ba. Ya ɗaura ta.

Rawaya ta mutu.

"Alhamdu lillahi!" Sista ta dafe ƙirji. "Ka samo? A ina take?"

"Ta mutu dai," ya ce, bai kalle ta ba. Ta dube shi, ta dubi akwatin, ta juya da sauri kamar an kira ta.

Ya koma ɗakin wanki ya ja kujera kusa da matarsa. Ya ɗaga kai, ga farar kwanon nan a samansu, tsaf da ita, ba abin da ya raba ta da mai rai.

"An gyara?" in ji ta.

"An gyara."

"Ka faɗa wa bango, ni na san muryarka. Da ita ka ce wa babana kana da gida." Ta lumshe ido. Can ta ce, "Ni da za ka yi mini alheri, da ka je ka roƙi maƙwabcina ya rage fankarsa."

"Wane maƙwabci?"

Ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. "Na nan. Mun shekara tare, ban taɓa ganinsa ba. Na san tarinsa, na san gudumarsa, na san tashar da yake kamawa a rediyo. In kana kwance ba ka da aiki sai ji. Kwanan baya ya yini yana ƙwanƙwasar silin, har ƙura ta zubo mini, da na dawo wanki sai ga fanka. Gur, gur, gur, cikin kaina take juyawa."

Ya kafa kunne a bango. Gur, gur. Silin ɗaya ne, kankare ɗaya.

"Yaushe ne wannan?"

"Ranar da akwatinku ya fara tsuwa mana. Na ce wa nas, yau kowa ya samu abin kiɗa."

Ya miƙe har kujera ta kife. Bangon nan ba na asali ba ne, bulo ne aka tayar daga baya. Da aka yanka ginin aka ba da haya, ba wanda ya gaya wa wayar. Ita tana bin tsohuwar hanyarta: daga baranda ta shiga ɗakin da yanzu ba na asibiti ba ne, sannan ta dawo ɗakin wanki.

Ya nufi ƙofa, ya wuce fanel, sai ya ja birki. In ya bar razistar ya je, jami'i zai tarar da koriyar fitila ya sa hannu, ko an dace can ko ba a dace ba. In ya cire, rawaya za ta dawo, kuma bai san ko maƙwabcin yana nan ba, ko zai buɗe, ko hasashen ma daidai ne. Amma in tana ciki, ko ya haɗa wayar can fanel ba zai gaya wa kowa gaskiya ba, shi ma ba zai san ko hanya ta kai ƙarshe ba. Ya ɗauko sukundireba. Tsuwa ta tashi, rawaya ta dawo.

Sista ta fito a guje. "Malam! Me ka yi? Jami'in yana hanya, yanzu ya bugo!"

"Riƙe shi. Ba shi ruwa, nuna masa tukwanen kashe wuta, ba shi labarin kakarki."

"Kai matarka fa!"

"Ita ce a ƙarƙashin ditektar da ba ta aiki," ya ce, ya saɓi tsani.

Ɗakin maƙwabcin shago ne, ƙofarsa tana ta ɗaya titin, sai da ya zagaye ginin duka, tsani yana dukan ƙaurinsa. Ya tura ƙofa ya tsaya cak. Ƙafafu ne ko'ina. Ƙafafun roba a rataye a igiya kamar shanya, na manya da na yara, wasu da takalmi, wasu da safa ɗaya, iskar fanka tana kaɗa su suna tafiya a sama ba sa zuwa ko'ina. A tsakiyarsu wani tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana goge diddige da fayil na ƙarfe.

"Wacce ce ta lalace, hagu ko dama?" in ji tsohon, yana duban ƙafafunsa.

"Baba, ba ƙafa ba ce. Wurin fankar nan, da me ke wurin?"

"Wata fitila ce da ba ta taɓa kamawa ba. Shekara da shekaru ina jira. Ɗan ƙanwata ya cire ta ya rataya mini abin amfani."

"Ina take?"

Tsohon ya nuna saman kanta da fayil. Ga ta can an kafe ta a bango, kai da gindi, tana kallon ƙofa. "Ɓarayi suna ɗauka kyamara ce. Ni ba na yar da abu."

Mai Ƙararrawa ya ji hawaye da dariya sun taho masa tare. Ya yi bayani a tsaitsaye, rabin kalmomin suna tsere masa: asibiti, jami'i, waya, matata. Tsohon ya girgiza kai. Fankarsa ba inda za ta, ya sha zafi ya ƙoshi, kuma ba ya barin baƙo ya hau masa silin.

"Ba zan cire ta ba, Baba, wallahi. Kashe ta kawai za ka yi na ɗan lokaci. Matata tana bayan bangon nan."

Tsohon ya sauke fayil. "Mai ƙwanƙwasa bango in na kama waƙa?"

"Ita ce."

"Ashe tana da miji." Ya miƙa hannu ya kashe fanka. Ƙafafun sama suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. "Hau. Zan riƙe maka tsani, riƙon ƙafa ne aikina."

Mai Ƙararrawa ya kashe wutar shagon, ya sauke kofin fanka. A cikin ramin tsohuwar ditektar ga jajayen wayoyi nan, biyu masu shigowa biyu masu fita, kowacce an naɗe bakinta da baƙin tef an cusa. Ya sa mita a biyun farko, allurar mita ta tashi. Wutar fanel ce, ta zo nan ta tsaya tana jira tun ranar. Ya raba guntuwar wayarsa biyu, ɗaya ta kai ɗaya ta dawo, don ditektar ta matsa nesa da fukafukan fanka, kada iska ta riƙa kore mata hayaki. Tana isa da ƙyar. Yana kafa gindin a kankare ya ji ƙarar mota a ɗaya titin, sannan muryoyi ta bango, ta namiji mai kauri da ta Sista tana sama-sama.

Sukurun ya kuɓuce masa ya faɗa cikin wata ƙafa. Tsohon ya juye ta ya miƙo masa.

"A hankali, ɗana. Mai sauri shi ke sa wa mutum ƙafar hagu biyu."

Ya duba kowace waya sau biyu kada ya juya su. Gumi yana shiga idonsa. Ta bango muryar namijin ta ce wani abu gajere, Sista ta yi shiru. Ya san irin wannan shirun, na mai kallon biro yana tafiya ne. Ya hure ƙurar kan ditektar, ya saita shi a gindi, ya murɗa. Ƙas.

Daga nan ba ya ganin fanel. Ya tsaya a kan tsani, tsakanin ƙafafun mutanen da bai sani ba, yana sauraro. Babu komai. Ko akwai wata yankewar a gaba? Ko akwai wani shagon? Ya jingina goshi da silin, bakinsa yana motsi ba sauti.

Sai bango ya yi ƙwan, ƙwan, ƙwan. Aka dakata, aka sake, da sauri-sauri, kamar mai kiɗan ƙwarya.

"Wannan ba na a rage rediyo ba ne," in ji tsohon.

Kafin ya sauko ƙararrawa ta ɓarke, ta cika asibiti ta ratso bulo. Jami'in bai yarda da mutuwar fitila ba, ya gargaɗi marasa lafiya, ya fesa hayakin gwaji a ditektar ƙarshe, ta saman gadon da ke jikin bango. Mai Ƙararrawa ya zauna a matakalar tsani, ya rufe fuska da hannuwa biyu, ƙarar tana shiga ƙashinsa.

Da ya zagayo, jami'in yana rufe jakarsa. Ya ce a kawo masa zanen shiyyoyi na gaskiya, da shagon a ciki, kuma a fara tunanin fanel mai adireshi, sannan ya dubi Sista ya ce filasta ta mutane ce. Ya tafi bai rufe komai ba.

An riga an cire wa matarsa robobi, tana danne da auduga a hannu.

"Jibi da safe, gadonki na nan," in ji Sista, ba ta dubi kowa ba.

Ya durƙusa yana sa mata silifa. Ƙafafun suka shiga ba gardama.

"Ka ga maƙwabcin nawa?" in ji ta. "Yaya kamarsa?"

"Tsoho ne mai ƙafa ɗari."

"Ka roƙe shi zancen fankar?"

Ta bayan bango aka ji gur, gur, gur, fanka ta tashi.

"Na manta," ya ce.